Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Duro Ya Tashi

A makon jiya na tsaya a inda Oga ya fara barin mini shago idan zai fita. Lokacin ina da shekara 19, shekarata uku ke nan ina koyon walda a Kano, hannuna ya faɗa, ina ganin babu ƙarfen da zai ba ni tsoro.

Wata Talata cikin bazara, bayan azahar, wani mai sayar da itace ya gangaro da duro mai cin lita 200, yana so a cire masa saman ya riƙa tara ruwa. Na tambaye shi abin da aka zuba a ciki, ya ce fetur ne, amma an daɗe da juyewa, kuma da hannunsa ya ɗauraye sau biyu. Na kwance babban murfin na shinshina, warin kaɗan ne. Ƙaramin murfin ya yi tsatsa, na bar shi a rufe. Duron nan ya wuni a rana, da ƙyar ake iya dafa shi.

Ƙaramin yaronmu, ɗan shekara 12, shi ke riƙe mini aiki. Har ya rungumi duron sai na ga faifan giranda ya cinye, na ce ya shiga ciki ya ɗauko sabo. Ban iya jira ba, na ɗora tsohon a bakin duron.

Ban ji ƙara ba, iska na ji ta make ni. Da na farfaɗo ina kwance a ƙasa, gashin girana ya ƙone, kunnen hagu ya toshe. Saman duron ya ɓalle, ya wuce ta gefen kaina, ya huda kwanon rumfa ya faɗa bayan shago. Yaron yana tsaye a ƙofa da faifai a hannu yana kiran "Yaya! Yaya!" Har yau idan na tuna inda ƙirjinsa yake minti ɗaya kafin nan, jikina yakan yi sanyi.

Oga ya dawo bai zage ni ba. Ya daɗe yana kallon hujin kwanon, sannan ya ce, "Ni ma haka nake yankawa shekara da shekaru. Allah ne kawai yake rufa mana asiri."

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi aikin gyaran tankokin mai kafin ya yi ritaya, shi ya zaunar da mu washegari. Ya ce, "Ɗana, ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska." Cokali biyu na fetur, in ji shi, sun isa su cika duro irin wannan da tururin da tartsatsi ɗaya zai tayar. Tururin ya fi iska nauyi, don haka buɗe murfi ba ya sa ya fita, kwanciya yake yi a ciki. Ruwan sanyi kuma ba ya haɗuwa da mai, saman ƙarfen kawai yake bi, ya bar wanda ya maƙale a cikin tsatsa da naɗin bakin duro. Da ƙarfen ya ɗau zafi sai wannan ragowar ta zama sabon tururi. Ko dizal da baƙin mai, da muke rainawa, haka suke yi idan wuta ta gasa su. Ya ce hanci ba ma'auni ba ne.

Daga ranar aiki ya canza. Duk duro ko tankin da ba a san abin da ya ɗauka ba, ba ma karɓa. Wanda muka karɓa, sai an kwance murafunsa duka, an wanke da ruwan zafi da garin sabulu, an juye, an maimaita. Sannan a tsayar da shi a fili a cika da ruwa, jarka takwas mai lita 25, har ya kusa layin da za a yanka, murafu a buɗe, don kada a bar wa tururi wurin taruwa. Saman duro da guduma da cizal muke cire shi yanzu, domin giranda kusa da ruwa wani haɗarin ne na lantarki. Yara kuma ba sa riƙe duro, ƙugiya muka ƙera wadda ke riƙewa.

Aikin minti goma ya koma na awa biyu, ga kuɗin 'yan garuwa a kai. Masu kawo aiki da yawa sun yi fushi, wasu suka ɗauke durominsu zuwa gaba. Wani direba ya ce mini, "Kai yaro, tsoro ne ya kama ku." Na ce masa eh, na nuna masa hujin. Oga ya hana a toshe shi, ko da damina, sai dai a ajiye bokiti a ƙarƙashi.

Kunnen kuwa bai buɗe ba har kwana tara. A mako mai zuwa zan ba ku labarin zuwana asibiti, da yadda Inna ta rantse ba zan sake taɓa walda ba.