Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar Da Aka Ɗora Mini Jadawalin Darussa

A makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke wajen Mabera. Ban daɗe da kama aiki ba mataimakin shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ce, "Malam, tunda lissafi ka karanta, aikin nan naka na. Malammai sun ishe ni da ƙara." Ya miƙo mini tsohon jadawali da jerin sunayen malamai ashirin.

Ban taɓa rula ba sai da na yi ƙidaya. Ajujuwanmu goma sha biyu ne, daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare zuwa aji uku na babba, kowanne an raba shi gida biyu. Litinin zuwa Alhamis firiyod takwas muke yi na minti arba'in-arba'in, Juma'a kuwa biyar saboda masallaci. Kowane aji yana da firiyod 37 ke nan a mako, makarantar duka 444. In an raba wa mutum ashirin, kowa zai ɗauki wajen 22. Amma lissafi sau biyar kowane aji ke yin sa a mako, wato firiyod 60, kuma mu biyu ne kacal, kowa da 30. Malamin fiziks kuwa ajujuwan kimiyya uku kawai yake shiga, sau huɗu-huɗu, 12 ke nan. A nan ƙorafin ya samo tushe, kuma duk yadda za a jujjuya darussa a takarda ba zai kwanta ba in ba a sake rabon kaya ba. Na sami malamin fiziks ɗin a gida bayan la'asar, don irin wannan magana ba a yin ta a gaban jama'a. Ya yarda ya karɓi lissafin aji uku na ƙaramar sakandare, gida biyun. Nasa ya zama 22, mu kuma muka sauko 25.

Daga nan na ba kowane malami lamba, daga 1 zuwa 20, na yanyanka kwali ƙanana, kati ɗaya ga kowace firiyod, ɗauke da lambar malami da darasi da aji. Na zana babban tebur a kwali, ajujuwa a jere daga sama zuwa ƙasa, firiyod daga hagu zuwa dama. Doka ɗaya ce: in ka bi layin firiyod guda daga sama har ƙasa, kada lamba ɗaya ta fito sau biyu. Tsohon jadawalin aji-aji aka rubuta shi, kowane shafi lafiya lau in ka dube shi shi kaɗai, shi ya sa ba wanda ya lura malamar Hausa tana aji biyu a firiyod ta uku ranar Talata, sai da yara suka yi ta zama babu malami.

Na fara dasa waɗanda ba su da wurin motsi. Ɗakin gwaje-gwajenmu ɗaya ne, kuma aikin gwaji yana son firiyod biyu a haɗe, don haka fiziks da kimistari da bayoloji suka fara zaɓen wuri. Sai 'yan bautar ƙasa, da suke da ranar aikin gayyarsu a kowane mako, na bar musu ranar fayau. Sai mu masu kaya da yawa. Masu firiyod kaɗan su ne na ƙarshe, don duk ramin da ya rage za su shiga.

Abin da ya fi cin raina shi ne rabon sarari. Duk wanda ya koyar a Sakkwato cikin watan Afrilu ya san firiyod ta takwas daban take da ta biyu. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, yara sun galabaita da ƙishi. A tsohon tsari manyan malamai ne ke da sarari a ƙarshen yini kusan kullum, sababbin ɗauka ke gasuwa. Ban ga adalci a wannan ba, ko da yawan sararin kowa ya zo daidai. A firiyod ta ƙarshe malamai goma sha biyu ake buƙata, takwas suna hutawa, cikin kwana huɗu gurbi 32 ke nan. Na ba kowa ɗaya, sauran 12 na raba wa waɗanda kayansu ya fi nauyi. Na kuma hana a jera wa mutum fiye da firiyod uku ba tare da sarari ko hutun tara ya ratsa ba.

Kafin a manna shi a ofishin malamai, na fitar wa kowa da takardarsa ta mako, na roƙe su su ƙirga su gani ko adadin ya yi daidai da abin da aka ba su. Wani dattijo mai koyar da Larabci ya daɗe yana duban tasa, ya ce, "To ɗana, mun hwa koma rana." Ya ninke ta ya sa aljihu bai ƙara komai ba.

Mako uku jadawalin ya yi yana tafiya, sai ga takardar canjin wurin aiki ta zo wa abokin aikina na lissafi. Yadda muka yi da firiyod ɗinsa 25, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.