Babbar difloma a hannun mai ɗaukar aiki na ƙasar waje

Shagonmu yana Samaru, kuma da buga takardu da ɗaukar hoton fasfo muka fara. Yanzu abin da ya fi cin mana lokaci shi ne gyara wa mutane sibi, wato takardar tarihin karatu da aiki, idan za su nemi aiki a Birtaniya ko Kanada ko ƙasashen Larabawa. Masu digiri na jami'ar Ahmadu Bello ba su cika ba mu wahala ba, domin digiri sunansa digiri ko'ina. Waɗanda nake daɗewa a kan takardarsu su ne masu babbar difloma, musamman waɗanda suka yi shekaru a aikin gwamnati.

Matsalar ita ce sunan babbar difloma a Turance, wato HND, ya yi daidai da na wata takarda a Birtaniya, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. A can, HND karatun shekara 2 ne bayan sakandare, ƙasa da digiri. A nan kuwa sai mutum ya yi ƙaramar difloma shekara 2, ya fita ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan ya dawo ya yi wasu 2, duk a ƙarƙashin kulawar hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna. Shekara 5 ke nan kafin ya tafi bautar ƙasa. To idan mutum ya rubuta haruffan nan uku kawai ya wuce, wanda ke tace takardu a Manchester zai karanta su da ma'anar garinsu, ya ɗauka karatun shekara 2 ne. Ba mugunta ba ce, abin da ya sani ke nan.

Wani bawan Allah ya zo mana daga Tudun Wada, ya girme ni sosai, ya yi babbar difloma a fannin lantarki, ya kuma daɗe yana aiki a wata ma'aikatar jiha. Kowa Injiniya yake ce masa, ni ma haka. Wani ya riga ya buga masa sibi, ya mayar da diflomarsa digiri, ya rubuta "B.Eng". Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan dai sai mun cire shi." Ya ce, "Ai ɗana, shekaruna a makaranta ba su gaza na mai digiri ba." Gaskiya ya faɗa game da shekarun, amma takardar da ke hannunsa ba ta ce digiri ba, kuma ranar da aka nemi ganin ta asali, ba aikin kaɗai zai rasa ba, za a sa shi a sahun masu ƙarya. Abin da muka yi shi ne muka bar sunan yadda makaranta ta ba shi, muka ƙara layi guda a ƙasa:

Higher National Diploma, Electrical Engineering Technology. Four years of full-time post-secondary study plus one year of industrial training. Upper Credit, 3.21/4.00.

Wannan layin ya gaya wa mai karatu tsawon karatun ba tare da ya yi da'awar komai ba. Ku lura da makin kuma. Kwalejojin kimiyya da fasaha a kan 4 suke aunawa, inda 3.00 zuwa 3.49 shi ne mataki na biyu daga sama, yawancin jami'o'inmu kuwa a kan 5. Wanda ya rubuta 3.21 bai faɗi a kan nawa ba ya bar mai karatu cikin duhu, kuma mai sauri ba zai tsaya tambaya ba.

Ko diflomar ta yi daidai da digirin can, wannan ba hurumin shagona ba ne, kuma ina gaya wa kowa haka tun kafin ya biya. Akwai masu wannan aiki: UK ENIC a Birtaniya, wadda kafin 2021 ake kira UK NARIC, da irin su WES a Kanada da Amurka. WES daga makaranta kai tsaye take son a aika mata cikakken sakamakon karatu, ba daga hannun mai shi ba, saboda haka a fara neman wannan da wuri, tun ba a ga tallar aiki ba. Duk abin da suka rubuto, shi muke kwafa a sibi kalma da kalma, ko ya yi wa mutum daɗi ko bai yi ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen muƙami. Muƙaman aikin gwamnati namu matakin albashi suke nunawa, ba aikin da mutum yake yi ba. Mai babbar difloma a layin fasaha yana shiga a mataki na 08, yana hawa da shekaru da jarabawar ƙarin girma, har ya kai mataki na 14 inda ake kiransa "Chief Technical Officer". Mutumin nan can ya kai. A kamfanonin waje kuwa, mai irin wannan suna shi ne shugaban fasaha na kamfani gaba ɗaya, yana zama teburi ɗaya da manajan darakta. Idan mai neman aikin kula da injuna ya sa wannan a saman takardarsa babu bayani, ɗaya cikin biyu ne: ko a ce ya fi ƙarfin aikin, ko a ce yana cika baki. Amma kuma ba a canza shi, domin idan suka tuntuɓi ma'aikatar don tabbatarwa, dole abin da ke sibi ya zo daidai da takardar ƙarin girma. Sai muka bar muƙamin, muka sa kalmomi kaɗan a gefensa cewa babban mataki ne a layin masu fasaha na aikin gwamnati, sannan muka koma kan ainihin aikin.

Nan ne muka zauna da shi sosai, shi yana shan shayi, ni ina tambaya. A tsohuwar takardar cewa aka yi yana gudanar da duk aikin da shugabanni suka ba shi, wanda bai gaya wa kowa komai ba. Na tambaye shi me yake taɓawa da hannunsa idan ya shiga wurin aiki da safe. Sai ga magana ta fito: yana kula da taransifoma mai 500kVA da ke sauke wuta daga 11kV zuwa 415V, da injinan janareta na dizal, da injinan lantarki da ke juya famfunan ruwa, akwai masu gyara shida a ƙarƙashinsa, shi ke tsara musu jadawalin duba injuna, shi ke sa hannu kafin a kashe layi a shiga gyara. Waɗannan lambobin ma'aikacin lantarki na kowace ƙasa yana gane su nan take, ko da bai taɓa jin sunan Zariya ba. Su muka jera a ƙarƙashin muƙamin, kowanne layi guda.

Sunan Injiniya ma mun ajiye shi a gida. Hukumar COREN mai kula da sana'ar injiniya a Najeriya tana yi wa masu babbar difloma rajista a rukunin masu fasahar injiniya ne, wanda daban yake da rukunin injiniyoyi, kuma a Kanada kiran kai injiniya a fagen aiki abu ne da doka ta tsare wa masu lasisin lardi. Rukunin da ke kan takardar rajistarsa muka rubuta. Wannan ya ɗan sosa masa rai, na kuma fahimce shi, domin gumi ne ya sa mutane suke kiransa haka.

Shekarar bautar ƙasa kuma, wadda aka fara tun 1973, a sashen aiki muke sa ta, ba a sashen karatu ba, da bayanin cewa hidimar ƙasa ce ta dole ta shekara 1 da kuma abin da mutum ya yi a inda aka tura shi. Jihar asali da ƙaramar hukuma da addini da ranar haihuwa duk muna cirewa idan Birtaniya ko Kanada za a aika. Ta ƙasashen Larabawa daban muke bugawa, da hoto da sunan ƙasa, domin can sukan nemi su gani.