Abin da alƙaluman sito suke faɗa da abin da suke rufewa

A siton rarraba kayan masarufi irin waɗanda ke unguwannin masana'antu na Kano, inda ake sauke katan-katan na taliya da sabulu da man girki da madarar gari sannan a raba wa 'yan kasuwa, rahoton ƙarshen wata yakan dogara ne a kan alƙaluma uku. Akwai daidaiton oda, wato kaso nawa na odojin da aka fitar suka isa ba tare da kuskure ba, akwai lokacin da kaya suke ɗauka daga saukewa zuwa shiga ajiya, akwai kuma yawan juyawar kaya a shekara. A manhajojin sito ana ganinsu da sunayen `Order Accuracy` da `Dock-to-Stock` da `Inventory Turnover`. Babban darasin da aiki a irin wannan wuri ya koya mini shi ne cewa ba a yanke hukunci da ko ɗaya daga cikinsu sai an san yadda aka lissafa shi, kuma ba a karanta ɗaya ba tare da an ajiye sauran biyun a gefensa ba, domin matsalar da ta faro a bakin ƙofar sauke kaya takan ɓulla ne a can wani shafi na rahoton.

Daidaiton oda shi ne adadin da shugabanni suka fi son gani, shi ne kuma wanda ya fi sauƙin yi wa kwalliya ba tare da an yi ƙarya ba. A ɗauka cewa sito ya fitar da oda 1,000 a wata guda, kowace oda tana ɗauke da nau'in kaya takwas, wanda ya ba da layuka 8,000 a takardun fitar da kaya. Idan aka sami kuskure a layuka 80, ko an ba da ƙaramin kwalin madara a maimakon babba, ko an rage katan biyu a lodi, wanda ya lissafa ta layi zai rubuta kashi 99 cikin ɗari, kuma gaskiya ya faɗa. Amma idan waɗannan kurakurai 80 sun bazu a cikin oda 70, to oda 930 ne kawai suka isa lafiya, wato kashi 93 cikin ɗari. Ɗan kasuwar da ya buɗe motarsa a Kasuwar Singa bai san wani abu wai shi layi ba, odarsa guda yake kallo, idan kuwa abu ɗaya ya saɓa to a wurinsa odar ta ɓaci. Saboda haka ne nake ganin lissafi ta cikakkiyar oda shi ya kamata ya hau saman rahoto, lissafin layi kuma a bar wa mai kula da masu tsince kaya domin ya gano inda hannu yake kuskurewa.

Akwai kuma tambayar daga ina ake samun labarin kuskuren. Idan ƙorafin abokan ciniki kaɗai ake ƙirgawa, adadin yana nuna rabin gaskiya ne, domin wanda aka rage wa kaya zai kira tun motar ba ta bar ƙofar shagonsa ba, wanda aka yi wa ƙari kuwa ba kowane ne zai yi magana ba, wani ma ba zai lura ba sai bayan kwanaki. Ƙarin da ya fita ba bisa ƙa'ida ba yana bayyana ne daga baya, lokacin ƙidayar kayan da ke kan kanta, a matsayin gibin da ba a san asalinsa ba, kuma sau da yawa a kan 'yan dako ake ɗora zarginsa alhali kuskuren lodi ne. Alamar da ke nuna haka ita ce a ga ƙaramin kwali ya yi rara a ƙidaya, babban kwali na kaya iri ɗaya kuma ya yi gibi da adadi kusan ɗaya. Wannan musanya ce aka yi wajen tsincewa, maganinta kuma shi ne a raba wa kayan biyu wurin zama su daina maƙwabtaka, a kuma riƙa duba wasu odoji ba zato kafin a rufe mota.

Lokacin shigar kaya ajiya shi ne adadin da na fi ba muhimmanci a cikin ukun, ko da yake shi ne aka fi wucewa da sauri a taron wata. Abu na farko da ake tambaya shi ne yaushe agogon yake farawa, yaushe kuma yake tsayawa. Idan sai magatakarda ya buɗe takardar karɓa a kwamfuta ake fara ƙirga lokaci, tirelar da ta kwana a harabar sito tana jiran layi ba za ta taɓa fitowa a rahoto ba. Ma'aunin da ya dace yana farawa ne daga isowar mota, ya ƙare lokacin da kayan suka hau kantarsu kuma manhaja ta nuna ana iya sayar da su. Tsakanin waɗannan gaɓoɓi biyu akwai saukewa, da ƙirga katan, da gwada adadin da takardar rakiyar kaya da kuma takardar odar saye, da duba lalacewa da ranar ƙarewar wa'adi, da kai kaya mazauninsu, da shigar da su rajista, kuma ya kamata a san tsawon kowace gaɓa daban.

Matsakaicin lissafi yana yin ɓarna a nan fiye da ko'ina. A ɗauka cewa motoci 20 suka shigo, 18 daga cikinsu an kammala da su cikin awa huɗu-huɗu, biyu kuma suka ɗauki awa 72 kowace. Jimillar awoyin 216 ce, idan aka raba ta gida 20 a sami awa 10.8, adadin da babu mota ko ɗaya da ta ɗauka. Mai karanta rahoto zai zaci masu sauke kaya suna da nawa, har ya nemi a ƙaro hannu, alhali motoci 18 sun tafi daidai, matsalar kuma tana cikin biyun nan. Idan aka bi sawunsu, abin da aka fi tararwa shi ne saɓani a takarda: kamfani ya rubuta katan 900, an ƙirga 880, magatakarda kuma ba shi da ikon shigar da abin da ya saɓa wa odar saye, sai kayan su zauna a filin karɓa ana jiran amsa daga ofishin saye. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a shigar da 880 ɗin da ake da tabbacinsu nan take, a buɗe takardar saɓani a kan 20 ɗin, kada a riƙe lodi guda saboda su.

Abin da ke faruwa cikin waɗannan kwanaki uku shi ne yake haɗa alƙaluman uku wuri guda. Man girki yana jibge a filin karɓa, kowa yana ganinsa da ido, amma manhaja tana cewa babu. Mai sayarwa ya matsa, mai kula da sito ya ce a ɗiba daga tarin da ba a shigar ba, a gyara rajista daga baya. Kayan da aka ɗiba a haka ba su bi ta hanyar tantancewa ba, don haka a nan ake samun musanyar girman kwali, a nan kuma sabon kaya yake fita ya bar tsohon da wa'adinsa ya fi kusa. Shi kuma jami'in saye, wanda allon kwamfuta kaɗai yake gani, sai ya ga kaya sun yi ƙasa ya sake ba da oda, bayan mako biyu sito ya cika da ninkin abin da ake buƙata. Ta haka jinkiri ɗaya a ƙofar karɓa ya rage daidaiton oda a wannan wata, ya kuma rage juyawar kaya a watannin da ke tafe, kowane sashe yana neman dalili a cikin nasa aikin.

Juyawar kaya ana samunta ne idan aka raba kuɗin sayen kayan da aka sayar a shekara da matsakaicin darajar kayan da ke ajiye, dukansu a farashin saye. Wanda ya sa kuɗin ciniki a sama ya cusa riba a cikin lissafin, adadin zai kumbura ba tare da katan ko ɗaya ya motsa ba. Idan kayan da aka sayar sun ci naira miliyan 600, matsakaicin ajiya kuma naira miliyan 100 ne, juyawar ta zama sau shida, wato kaya suna yin kimanin kwana 61 a sito. Adadin ba shi da laifi a ido, amma sai an fasa shi ake ganin cikinsa. Mai yiwuwa taliya da man girki da sukari su ne suka ba da miliyan 540 a kan ajiyar miliyan 45, suna juyawa sau 12, kusan wata guda ke nan, sauran kayan kuma miliyan 60 kacal suka ba da a kan ajiyar miliyan 55, wato suna zama kusan wata goma sha ɗaya. Fiye da rabin jarin yana kwance a kayan da ba sa tafiya, idan kuma akwai madara ko abin sha a cikinsu, wa'adinsu yana ƙaratowa kullum.

Abubuwa biyu suna ƙara rikita wannan lissafi a wurinmu. Na farko shi ne lokutan shekara, domin ana cika sito da sukari da man girki gab da azumi, kuma tun da watan azumi yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, matsakaicin da aka ɗauka daga farkon shekara da ƙarshenta kaɗai yana iya tsallake wannan tari gaba ɗaya. Gara a haɗa darajar ajiya ta ƙarshen kowane wata a raba gida 12. Na biyu shi ne hauhawar farashi, wadda a 2024 ta haura kashi 30 cikin ɗari a Nijeriya bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan yanayi, kayan da suka daɗe a kanta suna rubuce a tsohon farashi mai sauƙi, don haka suna bayyana ƙanana a lissafin naira fiye da wurin da suka cinye, kayan da ke fita kuma an saye su a sabon farashi, sai juyawar ta yi kamar ta inganta. Lissafa ta da yawan katan, nau'i-nau'i, yana kawar da wannan ruɗani.

Juyawa mai yawa ma ba kullum take zama abin murna ba. Kayan da ke juyawa sau 24 a shekara ajiyar kimanin kwana 15 ke gare su, kuma ga siton da ke jiran tirela daga Legas, tafiyar kusan kilomita dubu da lalacewar mota ko ƙarancin man dizal ke iya tsawaitawa, wannan tazara ba ta da yawa. Odar da aka mayar saboda babu kaya ba ta shiga lissafin daidaito, tun da ba a fitar da ita ba, ba ta kuma rage juyawa, don haka dole a buɗe mata rajista ta daban a teburin masu sayarwa, a rubuta ranar, da nau'in kayan, da adadin katan da aka nema, sannan a gwada ranakun da jerin motocin da suka yi jinkirin shiga ajiya a wannan watan.