Waƙafin da ya zauna a gurbin aya

Shekarata ta farko ina aikin duba rubutu a wani ofishi a cikin birnin Katsina, inda rahotannin ma'aikatanmu da ke zagaya ƙauyuka suke biyowa ta hannuna kafin a buga, na ɗauka cewa kunnena ya ishe ni. Nakan karanta sakin layi a bayyane, idan ya tafi sumul ban yi tuntuɓe ba sai in sa hannu in wuce. Wata rana dattijon da nake aiki a ƙarƙashinsa ya dawo mini da wani rahoto da na riga na wuce da shi, ya ɗora yatsa a kan wani sakin layi, ya ce: "Ɗana, jimla nawa ce a nan?" Na ce masa ɗaya ce, tunda aya ɗaya na gani. Ya ce in koma in sake ƙirgawa.

Ga abin da ma'aikacin ya rubuta bayan ya dawo daga wani ƙauye a yankin Batagarawa: "Mun isa ƙauyen da hantsi, muka gaisa da mai unguwa, muka zagaya gonaki 4, manoman sun koka da tsadar taki, buhu 20 ne suka iso ranar Laraba an raba wa mutum 12, saboda haka ƙungiya ta yanke shawarar ƙara sayowa."

Wanda duk ya karanta wannan a bayyane ba zai ji wani cikas ba, kuma dalilin yana cikin muryarsa. Mai karatu yana sauke murya da kansa a inda magana ta cika, ya ja numfashi, ya ɗauki sabuwa, ko da alamar da ke kan takarda waƙafi ce ko ma babu alamar komai. Wato bakina yana gyara kuskuren kafin kunnena ya ji shi, shi ya sa karatu a bayyane, wanda yake kama kalmar da aka tsallake ko wadda aka maimaita, ba ya kama irin wannan.

Kuskuren iri biyu ne, kuma duka suna cikin wannan sakin layi. Na farko shi ne a haɗa jimloli biyu da kowacce ke iya tsayawa da ƙafarta da waƙafi kawai. Na biyu shi ne a zarce daga wata jimla zuwa wata ba tare da alama ba sam. A Turanci dokar ta fi tsauri, domin ganga biyu tsayayyu, wato sassan magana biyu da kowanne ke iya zama jimla shi kaɗai, suna buƙatar aya, ko waƙafi mai ruwa, ko mahaɗi a tsakaninsu. Da na fara gane matsalar sai na ɗauko wannan doka na ɗora wa Hausa, na rinƙa sa aya a gaban kowane aikatau, har rahoton ya koma kamar karatun 'yan aji ɗaya. Dattijon ya hana ni, kuma yana da gaskiya, domin Hausa tana da hanyarta ta jera ayyuka cikin labari wadda waƙafi ya dace da ita.

Abin da ya nuna mini shi ne in daina kallon waƙafin, in kalli ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin aikatau. A cikin "mun isa, muka gaisa, muka zagaya", kalmar "mun" ce ta buɗe labari, su kuma "muka" biyun suna rataye a jikinta kamar taragu a bayan kan jirgi, masu aikin ba su canza ba, ayyukan kuma suna bin juna. Waƙafi a nan daidai ne. Amma da aka zo "manoman sun koka", abu biyu sun faru a lokaci guda: masu aikin sun canza daga mu zuwa manoma, kuma an koma "sun" maimakon "suka". Wannan sabuwar magana ce da ta buɗe ƙofarta, aya take buƙata a gabanta. Tun daga ranar nakan bi sakin layi da fensir ina zagaye kowane "mun", "sun", "kun" da "an" da ya biyo bayan waƙafi, sannan in rufe abin da ke hagunsa da hannu in ga ko ragowar ta tsaya, in rufe na dama in ga ko na hagun ma ya tsaya. Idan duka biyun sun tsaya, an sami wurin da ake nema.

Wahalar tana wurin "ya" da "ta", domin a baki tsawon wasali ne ke bambanta wanda ya buɗe magana da wanda ya rataya, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna tsawon wasali. Dabarar da na koya ita ce in mayar da mai aikin jam'i a zuciyata. A ɗauki "sakatare ya karɓi takardar, ya sa hannu, ya daɗe yana wannan aiki". Da an mayar da shi jam'i sai a sami "sun karɓi takardar, suka sa hannu, sun daɗe suna wannan aiki", nan take sai na ukun ya fito fili cewa ba ya cikin jerin, bayani ne dabam a kan sakataren.

Gwajin yana da iyaka, kuma na sha faɗawa raminsa. "Ko da yake an yi ruwa, manoma sun koka" ba shi da laifi, domin ganga na farko dogarau ne, ba ya tsayawa shi kaɗai. "Sun ci, sun sha, sun ƙoshi" ma ban taɓa taɓa shi ba, gajerun ayyuka ne masu kama da juna na mutane ɗaya. Ta ɗaya gefen kuma, "suka" ba kullum take nuna jeri ba: a "buhu 20 ne suka iso", ƙarfafawar da aka yi da "ne" ce ta jawo ta, jimlar kuwa cikakkiya ce mai zaman kanta. Haka nan "saboda haka" tana ruɗin ido don ta yi kama da "saboda". "Saboda taki ya yi tsada" magana ce da ke jiran ƙarashe, amma "saboda haka ƙungiya ta yanke shawara" ta cika, aya ko waƙafi mai ruwa ne ya kamace ta a gaba.

Wurin da ya fi ba ni tsoro a rahoton shi ne inda babu alama ko ɗaya, wato "suka iso ranar Laraba an raba". Ranar Laraba ta zauna a kan iyakar jimloli biyu, kowacce tana iya cewa tata ce. Idan aya ta zo bayanta, ranar ce takin ya iso. Idan ta zo gabanta, ranar ce aka yi rabo. Sau biyu na karanta wurin a bayyane a farko, kuma ina zaton kowane karo muryata ta zaɓi ma'ana ɗaya ba tare da ta shawarce ni ba. Nahawu ba ya warware wannan, don haka na ce wa dattijon: "Ranka ya daɗe, wannan kam sai an tambayi mai rubutun." Muka kira shi a waya, ya ce takin tun ranar Litinin ya iso, Laraba aka raba, kuma adadin buhunan daga littafin ƙungiya ya ɗauko shi, ba daga bakin manoma ba, abin da waƙafin bayan "tsadar taki" ya bar shi a duhu shi ma.

Jimlar da na ce ɗaya ce ta tashi biyar, aka buga ta haka: "Mun isa ƙauyen da hantsi, muka gaisa da mai unguwa, muka zagaya gonaki 4. Manoman sun koka da tsadar taki. Littafin ƙungiya ya nuna buhu 20 ne suka iso ranar Litinin. Ranar Laraba an raba wa mutum 12. Saboda haka ƙungiya ta yanke shawarar ƙara sayowa."