Tes ɗin "an rufe maka akawun" da Kawu ya turo min hotonsa

Ƙarshen watan Fabrairun 2024 ne, ina zaune a ɗan shagona na POS bayan la'asar, sai ga saƙon Kawu a WhatsApp. Kawun nawa hatsi yake sayarwa a Dawanau, turancinsa na kasuwa ne, ya iya karanta alat amma in magana ta yi tsawo sai ya turo min. Hoton allon wayarsa ya ɗauka, sikirinshot dai, ya haɗa da muryarsa yana cewa "ɗana duba min wannan, wai sun rufe min akawun, kuma gobe zan biya masu mota." Ga abin da ke jikin hoton, sunan bankin kawai na cire na sa sunanbanki a madadinsa:

```
Dear Customer, your account has been SUSPENDED
due to BVN/NIN mismatch. Update within 24hrs:
https://sunanbanki.com.ng-bvnupdate.top/login
```

Wato wai an dakatar da akawun ɗinsa saboda BVN da NIN ba su yi daidai ba, ya shiga linkin ya gyara cikin awa 24.

To gaskiya ni ma da farko na faɗa. Kuma ina da dalili, don a lokacin maganar ce a bakin kowa, tun 1 ga Disamban 2023 Babban Bankin Najeriya ya fitar da sanarwa cewa duk akawun ko walet ɗin da ba a haɗa shi da BVN ko NIN ba za a hana shi motsi daga 1 ga Maris 2024, kullum sai kastoma biyar shida sun tambaye ni a kai. Ga shi kuma a saman hoton sunan bankin ne ɓaro-ɓaro, ba lambar waya ba, sannan abin da ya fi ruɗa ni, a saman tes ɗin ana hango wutsiyar wani alat na gaske da ya shigo masa da safe, duk a layi ɗaya. Sai na ce masa "Kawu kamar na banki ne fa, bari in sallami mutane in duba sosai." Wannan "kamar" ɗin ita ce ta jawo duk abin da ya biyo baya, don Kawu bai ji "bari in duba" ba, "na banki ne" kawai ya ji.

Da na samu sarari na buɗe hoton da yatsu biyu, sai jikina ya yi sanyi. Sunan da ke sama ashe ba shaida ba ne ko kaɗan. Masu tura tes da yawa lokaci guda suna iya rubuta suna a gurbin lamba, haka bankuna da kamfanoni suke yi, kuma 'yan damfara ma wani lokacin suna samun hanyar sa sunan da ba nasu ba. Wayarka ba ta bincike, ita dai in ta ga suna iri ɗaya sai ta jera saƙon a ƙarƙashin na baya, shi ya sa tes ɗin ɓarawo yake iya kwanciya gefe da gefe da alat ɗinka na halak. Wani zubin ma ba sai sun yi wannan wahalar ba, harafi ɗaya za su canza, su sa babban I a wurin ƙaramin l, ko su haɗa r da n su ba da kamar m, a hoton da WhatsApp ya riga ya matse ya dusashe wallahi ko da tabarau ba za ka bambance ba.

Linkin shi ne ya tona asiri, kuma a nan nake so in ɗan daɗe don yawancinmu daga hagu muke karanta shi, muna ganin sunan banki sai mu tsaya. Ba haka ake yi ba. Ka tsallake https:// ɗin nan na farko, ka bi rubutun har sai ka ci karo da sanda mai karkata ta farko, wato /, to daga nan ka juyo baya. Abin da ke manne da sandar shi ne mai gidan. A na Kawu, kafin /login abin da ke wurin shi ne:

```
ng-bvnupdate.top
```

Wannan shi ne ainihin shafin. Duk abin da ke hagunsa, sunanbanki da com ɗin, ado ne kawai, wanda ya mallaki shafi yana iya rubuta duk abin da ya ga dama a gabansa kyauta, kamar dai mutum ya rubuta "Gidan Sarki" a ƙofar zaurensa. Ka lura da dabarar, bayan com sun sa ɗigo sannan ng, ido sai ya karanta com.ng irin na shafukan Najeriya ya wuce, alhali ng ɗin ba ta ƙare a nan ba, ɗan layi ne ya biyo ta ba sanda ba, ta zarce ta zama farkon wani suna daban. Da na banki ne, sandar za ta zo ne daf da bayan com ko com.ng, ba wani abu a tsakani. Shi kuma https da ɗan kwadon da ke fitowa a burauza, wanda aka daɗe ana ce mana alamar tsaro ce, ma'anarsa kawai babu mai leƙen abin da ke tsakaninka da shafin. Bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba, ɓarawo ma yana samun kwadon nan kyauta.

Sauran alamomin suna nan, amma ban cika dogara da su ba. Ba su kira sunansa ba, ba su sa ko lambobin ƙarshe na akawun ɗinsa ba kamar yadda alat yake zuwa, sun ba shi awa 24 don kar ya samu damar tambayar kowa. Mutane suna cewa a duba kuskuren turanci, to na Kawu babu kuskure ko ɗaya. Akwai kuma waɗanda suke zuwa da cikakken sunanka har da BVN ɗinka, don bayanan mutane suna yawo, saboda haka ganin sunanka ma ba ya wanke tes.

Na kira Kawu layi a cike. Na sake kira a cike. Sai ga hoto na biyu ya shigo, da na gani sai da na miƙe tsaye. Kawu ya riga ya shiga, shafin da kala da tambarin bankin komai tsaf, ya nemi lambobin gaban kati, da watan da zai mutu, da lambobi 3 na bayan kati, da PIN, duk ya zuba musu. Hoton da ya turo na tes ne mai ɗauke da lambobi 6, OTP, kuma wanda ya cike layin wani ne da ya kira shi yana cewa daga banki yake, ya karanto masa lambar a ƙarasa buɗe akawun. Allah ya taimake mu lambobin sun yi wa Kawu ƙanana, gilashin idonsa yana cikin mota, ya ce wa mutumin ya jira ɗansa ya karanto masa.

A jikin tes ɗin OTP ɗin an rubuta ƙarara cewa na amincewa da cire naira 95,000 ne. Ba na buɗe akawun ba, na biyan kuɗi. Wannan shi ne abin da kusan ba mai karantawa, ido yana tafiya kan lambobin kawai, alhali sau da yawa tes ɗin yana faɗin abin da lambar za ta yi da kuma gargaɗin kar a ba kowa. Ga kuma tambayar da ya kamata in yi tun farko ban yi ba, me ya haɗa gyaran BVN da PIN ɗin kati? BVN lambobi 11 ne, NIN ma 11, in da gaske haɗa su ake so to su za a nema, banki ba ya tambayar PIN, ma'aikacin da ke zaune a kanta ma ba ya ganinsa.

Da na same shi na ce "Kawu don Allah don Annabi kar ka ƙara ɗaga kiran mutumin nan, ɗauko katin ka juya bayansa." Lambar da ke bayan kati muka kira, ba wadda ta kira shi ba, ba kuma wata daga cikin tes ba, na haɗa mu a layi ɗaya aka toshe katin. Mun yi kusan minti goma muna jin kiɗa kafin a ɗauka, a cikin mintunan nan aka zare naira 4,500 sau ɗaya, don akwai wuraren biyan kuɗi da ba sa neman OTP, lambobin kati kaɗai sun ishe su. Ni da nake sana'ar kati ban riƙe lambar toshewa ta gaggawa ta bankinsa ba, irin wadda ake dannawa da tauraro ko a ƙaramar waya, bankuna da dama suna da ita kuma kowa da tasa, da na san ta da ko sisi ba a taɓa ba. A daren na rubuta masa ita a takarda ya sa a aljihun motarsa.

Wani abin da na gane daga baya, hoto ba ya nuna komai da komai. A wayar mutum kana iya taɓa sunan mai turowa ka ga bayanansa, kana iya kwafo linkin ka manna shi a wurin rubutu ka ƙirga haruffansa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka buɗe ba, a sikirinshot duk babu wannan, kuma in linkin irin gajeren nan ne na bit.ly to ba ka ma san inda ya nufa ba. Hoto yana iya nuna maka cewa tes na bogi ne in ka kama shi da laifi, amma ba ya iya tabbatar maka cewa na gaske ne. Kuma ba ya gaya maka abin da mutumin ya riga ya danna. Shi ya sa yanzu duk wanda ya turo min irin wannan, kafin ma in buɗe hoton nake rubuta masa "kar ka taɓa komai tukuna, ka shiga ne?" sannan in ce ya gwada akawun ɗin da kansa, ya buɗe manhajar bankin ko ya sayi katin waya na naira 100 daga ciki. Da abin da na ce wa Kawu ke nan da an gama a minti ɗaya, don akawun ɗinsa lafiyarsa ƙalau, tun shekaru BVN ɗinsa ke haɗe.

Washegari na raka shi banki da sassafe, ya cike takardar ƙorafi a kan 4,500 ɗin, aka ba shi sabon kati a kan dubu ɗaya da 'yan kai, ya canza PIN, ya biya masu motarsa kafin azahar. Na sa shi ya goge hoton OTP ɗin nan, ashe ba ni kaɗai ya tura wa ba, har gurup ɗin gida ya jefa shi yana neman mai karanto masa, mutum arba'in da wani abu. A hanyar dawowa mutumin ya sake kira da wata lambar, Kawu ya miƙo min wayar ya ce "ungo, gaya masa gilashin ya samu."