Guzurin Aikin Hajji: Dala Ko Riyal?

Yau da hantsi na raka kawuna wajen wani ɗan canji a Sabon Gari, domin ya yi niyyar mayar da guzurinsa gaba ɗaya zuwa riyal kafin ya tashi zuwa Makka. Mutumin ya ɗauko na'urar lissafi ya ce, "Alhaji, ina ganin dala ta fi muku, domin riyal a ɗaure take da ita, dala 1 riyal 3.75 ce tun 1986." Ya nuna mana cewa dala 500 za ta ba da kusan riyal 1,875 a can, alhali riyal a nan takan yi tsada idan maniyyata suka yi mata rububi gab da tashi. Ya shawarci Kawu da ya riƙi sababbin takardun dala 100, saboda tsofaffi ko masu tabo ana iya ƙin karɓarsu, sannan ya sayi riyal kaɗan ta abinci da layin waya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne naira ce ke hawa da sauka, saboda haka gara Kawu ya fara sayen dalarsa kaɗan-kaɗan tun yanzu, maimakon ya jira makon tafiya.