Kuɗin da buhun masarata ya ci

Gonata hekta ɗaya ce a wajen Giwa, ta gado, don haka babu kuɗin haya a lissafina. Bara, tun watan Afrilu na sami littafin makaranta na yarona na rubuta abin da masara za ta ci kafin kaka. Iri kilo 20, naira 40,000. Taki kamfa buhu huɗu a kan 50,000 kowanne, yuriya buhu biyu a kan 40,000, wato taki kaɗai 280,000. Maganin ciyawa 30,000. Ƙodago tun daga huɗa da shanu har bugu na sa masa 180,000, sufuri kuma 40,000. Duka 570,000.

A ɗaya shafin na rubuta buhu 30, na ninka da 55,000, farashin da na gani da idona a kasuwa a lokacin. Miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da hamsin. Har na fara maganar sauya kwanon ɗaki da uwargida.

Wannan shafin ne ya yaudare ni. Farashin da na ɗauka na bazara ne, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, masara tana hannun 'yan ajiya. Ni kuwa da kaka zan sayar, ranar da kowa ya buga tasa, kowa da bashi a wuya, kasuwa ta cika maƙil. Na san haka sarai, shekara nawa ina gani, amma da alƙalami ya hau takarda sai son rai ya rubuta nasa.

Kashe-kashen kuɗin ma ba su tsaya inda na ajiye su ba. Kamfa na saye da wuri, amma yuriya na bari sai masara ta kai gwiwa, ina cewa ai sai mako biyar zuwa shida ake sa ta. Da na je, buhu ya koma 48,000. Ƙodago ya fi ba ni mamaki. Na yi lissafi da kuɗin jinga kawai, na manta da abincin rana, na manta cewa makon da ruwa ya zauna kowa yana neman 'yan ƙodago, sai su ne ke yanka farashi. Ga ciyawa ta tsallake maganin a gefen fadama, dole aka sake bi da fartanya. Ƙodago ya tashi 230,000.

Sufuri kuma ashe ba hawa ɗaya ba ne. Akwai kai taki gona a babur, akwai kwaso masara zuwa gida a amalanke, sannan daga gida zuwa kasuwa. Kowane buhu akwai kuɗin lodi, da na saukewa, da la'adar dillali, ga kuɗin buhunan kansu da zaren ɗinki. Da na haɗa, 64,000. Jimillar abin da na kashe ta zama 660,000.

Masara ta ba da buhu 24 bayan ta bushe. Ba laifi, amma ba 30 ba. Na raba 660,000 gida 24, kowane buhu ya ci 27,500. Sai Baba Malam, ƙanen mahaifina, ya duba littafin ya ce, "Ɗana, ina zakka a nan?" Noman ruwan sama ɗaya bisa goma ne, wato buhu biyu da tiya 16 idan buhu tiya 40 ne. Da aka fitar, abin da ya rage ya kama kusan 30,500 kowane buhu. Ranar da na kai kasuwa, 30,000 aka saya. Wato na yi wata biyar ina zirga-zirga amma ko kuɗina ban mayar duka ba, ban kuma sa ladan guminmu ni da yara ba.

Bana daga ƙasa na faro. Kafin in rubuta riba, na fara tambayar nawa buhu zai ci, sannan na gwada shi da farashin kakar da ta wuce, ba na bazara ba. Yawan amfani na rubuta 22, ƙasa da abin da na samu, na cire zakka tun a takarda. Na ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kan ƙodago. Yuriya na saye tare da kamfa na ɗora a kan katako a ɗaki saboda danshi.

Da lissafin ya nuna masara zalla ba za ta fitar da ni ba, sai na raba gonar, rabi masara, rabi waken suya, tunda shi ba ya neman yuriya. Na kuma ware kuɗin girbi daban na ba uwargida ta riƙe, don kada bashin masu bugu ya tilasta ni kai masara kasuwa a makon farko na kaka.